PDF ko Word? Tambayoyin da masu neman aiki suke yawan kawo mun shago a Nima

Ina da ɗan shagon buga takardu a Nima, cikin birnin Accra, aikinmu taifin, firintin, fotokwafi da cika fom a intanet, kuma cikin duk tambayoyin da samari suke kawo mun babu wadda ta kai wannan yawa: Masta, sibi ɗina, wato CV, PDF zan tura ko Word? Na gaji da maimaita amsa ɗaya ina tsaye gaban firinta, shi ne na tara tambayoyin wuri ɗaya. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai kun yi haƙuri don maganar tana da tsawo.

Wai mece ce wannan ATS ɗin da ake ta tsorata mu da ita?

Manhaja ce da kamfani yake karɓar takardun masu neman aiki da ita yana adanawa. In ka taɓa neman aiki a banki ko kamfanin waya ko wata ƙungiyar ƙasashen waje, ka danna Apply sai aka kai ka wani shafi da sunansa ya ƙunshi Workday ko Taleo ko SuccessFactors ko Greenhouse, toh ka riga ka shiga cikinta. Da ka ɗora fayil, abu na farko da take yi shi ne ta zare rubutun da ke ciki zalla, ba launi ba hoto ba kwalliya, sannan ta raba shi gida-gida: suna nan, lambar waya nan, makaranta nan, inda ka yi aiki da shekarun nan. Shi mai ɗaukar ma'aikata in takardu sun yi masa yawa sai ya buga kalma ya nema, misali Logistics ko HND, waɗanda kalmar ta fito a nasu su zai fara gani.

Mutane suna cewa wai inji ne yake yar da sibi ɗin mutum tun kafin ɗan Adam ya gani. Ni ban cika son wannan maganar ba. Abin da ya fi fitar da mutum kai tsaye shi ne tambayoyin fom ɗin, irin su kana da izinin aiki a ƙasar, ko shekara nawa ka yi kana wannan sana'a. Fayil da bai karantu ba ɓarnarsa a shiru take, kana cikin rumbun amma in an nema ba ka fitowa, kamar wanda ya je biki ya zauna bayan ƙofa.

To a taƙaice wanne zan tura?

In sanarwar aikin ta faɗi irin fayil ɗin da suke so, ba ka da zaɓi, ka ba su shi. In ba ta faɗa ba kuma shafi ne da ake ɗora fayil, ni fayil ɗin Word, wato .docx, nake ɗorawa, mai shafi sambal ba a raba shi gida biyu ba. In kuwa imel ne zai je hannun mutum kai tsaye, PDF, wanda aka fitar daga wannan .docx ɗin. Manyan manhajojin yanzu suna karanta duka biyun, saboda haka PDF mai tsabta ba laifi ba ne. Ina fifita .docx ne kawai don hanyoyin da PDF yake lalacewa sun fi yawa, kuma ido ba ya ganinsu.

Me ya sa PDF zai lalace alhali ina buɗe shi ina ganin komai daidai?

Nan ne gizo yake saƙar. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 don magance matsala ɗaya, takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta. Saboda haka abin da yake ajiyewa umarni ne na zane: sa wannan harafin a wannan gurbin, matsa kaɗan, sa na gaba. PDF na gama-gari bai san sakin layi ba, sau da yawa ma bai ajiye tazarar da ke tsakanin kalmomi ba, manhajar da ke karantawa ce take auna nisan haruffa ta yi hasashen cewa a nan kalma ta ƙare. In hasashen ya yi daidai, lafiya lau. In ka ware haruffan sunanka don gayu, irin yadda ake yi a saman sibi, tana iya karanta kowane harafi a matsayin kalma mai zaman kanta, sunanka ya zama baƙaƙe warwatse da ba wanda zai nema ya samu.

Shi kuma .docx, wanda ya zo da Office 2007, wani abu ne daban. Jakar zif ce da aka cusa fayiloli a ciki. In kana son gani da idonka, kwafi fayil ɗinka ka canza ƙarshen sunan daga .docx zuwa .zip ka buɗe, za ka tarar da wani fayil `word/document.xml`, a cikinsa rubutunka yake jere, sakin layi bayan sakin layi, yadda ka buga shi. Manhaja ba ta buƙatar hasashe, bi kawai take yi daga sama zuwa ƙasa.

Akwai kuma wata matsala ta PDF da ta fi ban haushi. A cikin fayil ɗin kowane harafi lamba ce da ke nuna wani zane a cikin fon, wato salon haruffan da aka yi rubutun da shi, kuma ana haɗawa da wani tebur da ke cewa lamba kaza tana nufin harafi kaza, sunansa ToUnicode. In manhajar da ta yi PDF ɗin ba ta sa teburin ba ko ta sa shi a karkace, a allo za ka ga rubutu tsaf, amma da an kwafa sai akwatuna da alamomi. Ƙaramin nau'in wannan cutar shi ne haɗaɗɗun haruffa, wasu fon suna manne f da i, ko f biyu da i, su zama zane ɗaya, sai Officer ta fito O cer, Certificate ta fito Certi cate. Ka ga wanda ya buga Officer yana nema ba zai same ka ba.

Ta yaya zan gane nawa yana karantuwa? Ba ni da wata manhaja ta musamman.

Ba ka buƙata. Minti biyu ne a kowace kwamfuta. Buɗe PDF ɗin, danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, buɗe Notepad ka danna Ctrl+V. Abin da ya zubo a Notepad shi ne kusan abin da manhajar kamfani za ta samu. Na ce kusan, don kowace da yadda take jera abinta, amma in ya lalace a nan kar ka sa rai zai gyaru a can.

Sai ka karanta shi a natse tun daga layin farko. Sunanka ya zo a sama kuma a haɗe? Lambar waya da imel suna nan? Kowane aiki yana tare da sunan wurin da shekarunsa, ko shekarun sun taru can ƙasa su kaɗai kamar marayu? Sannan ka koma kan PDF ɗin ka danna Ctrl+F ka nemi kalmomi uku ko huɗu da suke cikin sanarwar aikin, musamman masu fi ko ti a ciki.

In kana waya, danna yatsa ka riƙe a kan kalma ɗaya. In ta haskaka akwai alamar rubutu ne, amma kar ka yarda da wannan ɗari bisa ɗari don wasu wayoyin yanzu suna iya gane rubutu ko a cikin hoto ne, gara ka nemi kwamfuta. Masu Linux ko waɗanda suka sa kayan Poppler suna iya yin haka:

```
pdftotext cv.pdf -
```

Rubutun zai zubo a allo nan take. In ba abin da ya fito, hoto ne ka riƙe.

Don .docx kuma, je File, Save As, zaɓi Plain Text, in ya tambaye ka zaɓi UTF-8, ka buɗe abin da ya fito ka duba haka nan.

Ba mu misali na gaske mana, Masta.

Akwai wani yaron unguwarmu, ɗan maƙwabcina ne daga Mamobi, ya gama HND ya yi bautar ƙasa, ya zo yana neman aikin sito a wani kamfanin jigilar kaya a Tema. Sibi ɗinsa wallahi ya yi kyau, a waya ya haɗa shi da wata manhajar zane, gefen hagu shuɗi da hotonsa da lambar waya da jerin abin da ya iya, gefen dama tarihin aiki. Ya ce Masta duk lokacin da na ɗora shi sai fom ɗin ya cika kansa da shirme. Na ce kawo mu gani. Muka ɗora, sai ga gurbin suna an rubuta CURRICULUM, gurbin sunan mahaifi VITAE, gurbin waya fayau, a gurbin muƙami kuma an sa Microsoft Excel.

Muka kwafa zuwa Notepad, ga irin abin da ya fito:

```
CURRICULUM VITAE
SKILLS WORK EXPERIENCE
Microsoft Excel Stores Assistant
Stock taking 2022 - 2023
Hausa, Twi Logistics O cer (Intern)
```

Ka ga abin da ya faru. An karanta shafin layi-layi daga hagu zuwa dama ba a kula da cewa gida biyu ne ba, sai kowane layi ya ɗebo rabi daga hagu rabi daga dama ya haɗa su aure. Sunansa bai fito ba sam don ashe tambari ya zana da shi ya manna a matsayin hoto. Lambar wayar tana nan amma can ƙarshen rubutun ta faɗo, manne da wata alama da ta maye gurbin ɗan zanen tarho.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba har da ɗauke wuta da aka yi mana a tsakiya. Muka buɗe sabon shafi a Word, fon Arial girma 11. Layin farko sunansa kawai, muka cire CURRICULUM VITAE ɗin nan gaba ɗaya, kowa ya san mene ne ba sai an rubuta ba. Layi na biyu waya da +233 a gaba, imel, da Accra, a cikin jikin takardar. Kanun labarai muka bar su yadda aka saba, Work Experience, Education, Skills, muka sa musu Heading 1. Kowane aiki muƙami da wurin aiki da wata da shekara suna tare, ayyukan da ya yi a ƙasa da ɗigo na Word ɗin kansa. Hoton muka cire, ya ɗan ɓata rai. Muka sake ɗorawa, suna ya shiga gurbinsa, waya ta shiga, ayyuka biyu suka fito da shekarunsu, abu ɗaya kawai ya gyara da hannu, sunan makarantar da ya faɗa gurbin kwas.

Wannan cika fom da shafin yake yi da kansa, ku riƙa kallonsa da kyau, madubi ne kyauta. Shi ne kaɗai lokacin da manhajar take nuna maka abin da ta fahimta.

Ke nan in dai Word ne shi ke nan, ba matsala?

A'a fa. Word ma yana da ramukansa, kuma samfuran sibi da ake saukewa kyauta cike suke da su.

Na farko shi ne saman shafi da ƙasansa, wato Header da Footer. Ka tuna jakar zif ɗin nan? Abin da ka rubuta a Header ba ya cikin `document.xml`, fayil ɗinsa daban ne, `header1.xml`, kuma ba kowace manhaja take leƙa shi ba. Mutane kuma nan suka fi son sa suna da lambar waya. Gwada da kanka, danna cikin jikin takardar ka yi Ctrl+A, za ka ga Header bai haskaka ba.

Na biyu Text Box, akwatin rubutu da ake ja a ajiye ko'ina. Rubutun cikinsa yana rataye ne a wani wuri daban da inda idonka yake ganinsa, wata manhajar ta tsallake shi, wata ta kawo shi a inda bai dace ba. Na uku tebur. Shi ana karanta shi, amma gida-gida layi-layi, saboda haka in ka zuba duk shekaru a gida ɗaya na hagu duk ayyuka a gida ɗaya na dama, za su rabu. In kana son shekara ta tsaya a gefen dama na layi, sa Tab ɗaya da aka saita zuwa dama, kar ka yi ta danna tazara sau talatin.

Sai wani abu da ba ruwansa da inji amma yana kunyata mutum. Fayil ɗin Word yana tafiya da kayan cikinsa. In yayanka ya gyara maka da Track Changes a kunne, ko ya bar Comment yana cewa wannan ƙarya ce cire ta, duk za su je. Je Review ka yi Accept All Changes ka goge Comments. In kuma a shago irin namu aka buga maka a kan sibi ɗin wani, duba File, Info, wurin Author, sau da yawa sunan mutumin farko yana nan zaune.

Na firinta, na sa hannu, na yi sikanin da waya ya zama PDF. Wannan fa?

Wannan shi ne mafi muni, kuma shi aka fi kawo mun. Hoto ne aka sa masa rigar PDF, babu harafi ko ɗaya a ciki. Wasu manhajojin suna ƙoƙarin gane rubutu daga hoto, amma kar ka jingina aikinka da wannan, inuwar hannunka ko takardar da ta ɗan karkace ta isa ta mai da 0 ta zama O a lambar wayarka. Sibi ba ya buƙatar sa hannu. Sikanin na takardun shaida ne, WASSCE, satifiket ɗin makaranta, na bautar ƙasa, su kuma a gurbinsu daban za ka ɗora, kar ka haɗa su da sibi a fayil ɗaya ya yi nauyi ya wuce iyakar da shafin ya sa.

PDF kawai nake da shi, asalin ya ɓata da tsohuwar wayata. In canza sunan zuwa .docx?

Canza suna ba ya canza abin da ke ciki, fayil ɗin ma ƙin buɗuwa zai yi. Word daga na 2013 zuwa sama yana buɗe PDF ya juya shi, akwai kuma shafukan da suke juyawa, amma abin da ke fitowa yawanci cike yake da akwatuna da tebura don yana ƙoƙarin kwaikwayon kamannin ne. Ni abin da nake yi, in kwashe rubutun zuwa Notepad ya wanku, sannan in zuba a sabon shafin Word in tsara daga farko. In sikanin ne, ɗora shi a Google Drive ka buɗe da Google Docs zai zaro maka rubutun, sai ka bi shi kalma-kalma musamman lambobi. Sibi shafi biyu ne, sake bugawa ba zai kashe ka ba.

In PDF suka nema, ta wace hanya zan fitar da shi?

A Word je File, Save As ko Export, ka zaɓi PDF. Kafin ka ajiye shiga Options ka tabbatar akwai alama a Document structure tags for accessibility, wannan yana sa wa fayil ɗin bayanin wanne ne kanu, wanne ne sakin layi, wanne ke bin wanne. Hanyar Print zuwa PDF ba ta ɗaukar wannan bayanin, shi ya sa ba na bin ta. A Google Docs kuma File, Download, PDF Document. Masu WPS Office a waya ku kula wajen fitarwa, ku zaɓi PDF na rubutu, kar ku zaɓi fitarwa a matsayin hoto. Kar ka sa wa fayil ɗin kalmar sirri. Bayan ka gama, gwajin Notepad, ko da ka yi shi jiya, don gyara ɗaya yana iya canza abu.

Me ya sa ba za a tura wa mutum Word ta imel ba?

Ana iya turawa, sai dai kamanninsa yana canzawa. In kwamfutarsa ba ta da fon ɗin da ka yi amfani da shi za ta sa wani, shafi biyu ya zama uku, layi ɗaya ya zauna shi kaɗai a shafin ƙarshe. A waya ma abin ya fi haka. Amma kamfanonin da suke nema wa mutane aiki su sukan ce lallai Word, don suna cire lambarka su sa tambarinsu kafin su miƙa wa mai ɗauka. In sun nema ka ba su.

Sunana yana da ƙ ko ɗ. Zai fito?

Haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin Unicode, wato tsarin haruffan da kwamfutoci suke amfani da shi, haka ɛ da ɔ na Twi da alamar sidi ₵, kuma .docx yana riƙe su daidai. A PDF ya danganta da fon, sai ka gwada. Amma ka yi tunanin mai nema, shi k zai buga a kibod ɗinsa ba ƙ ba, kuma a wajen inji haruffa biyu ne daban. Shawarata ka rubuta sunanka yadda yake a Ghana Card da satifiket ɗinka, harafi da harafi. Kuɗi kuma ka rubuta GHS a gaba.

An ce in kwafi sanarwar aikin in manna da farin launi yadda ba a gani, wai inji zai ɗauke ni.

Ka tuna abin da ya faru a Notepad, launi ba ya zuwa. Rubutun da ka ɓoye zai fito ɓaro-ɓaro a gaban mai ɗaukar aikin a shafin da aka zare rubutun, ya ga sanarwarsa da ya rubuta da hannunsa a ƙasan sibi ɗinka. Kalmomin da suka dace da kai ka sa su a fili a cikin bayanin aikin da ka yi.

.doc, .odt da .pages fa?

.doc tsohon tsari ne na kafin 2007, har yanzu wurare da yawa suna karɓa, amma ba dalilin zama a kai, yi Save As zuwa .docx. .odt na LibreOffice ne, .pages na kayan Apple, ba kowane shafi yake karɓarsu ba, duka biyun kuma suna da hanyar fitarwa zuwa Word ko PDF. Duba ƙasan maɓallin ɗora fayil, yawanci an rubuta irin waɗanda ake karɓa da iyakar nauyi da ƙananan haruffa.

To kyakkyawan sibi ɗina mai launi, in yar da shi?

Ajiye abinka. In za ka kai takarda da hannu, ko an kira ka intabiyu, ko wani Alhaji ya ce turo mun ta WhatsApp in nuna wa manaja, shi za ka bayar, a nan ido ne zai gani. Masu aikin zane ma suna iya ɗora mai sauƙin a gurbin sibi, mai kwalliyar a gurbin ƙarin takardu. Ka dai tabbatar shekaru da muƙamai iri ɗaya ne a duka biyun, kuma asalin .docx ɗin ka tura wa kanka ta imel ko ka sa a Google Drive da suna mai ma'ana, sunanka da CV a haɗe, don kwamfutocin shagona duk ƙarshen wata nake share su.